Karyar da ta san sunaye 54, da abin da langaɓe kanta ya nuna

A ƙasar Norway akwai wata karya mai suna Whisky, irin karnukan kiwon tumaki da ake kira Boda Koli. Masu ita ba su taɓa zama sun yi mata darasi ba. Wasa kawai suke yi da ita, duk abin wasan da aka sayo sai a raɗa masa suna, a riƙa kiransa da shi. A kwana a tashi kayan suka taru. Da masu bincike daga Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budapest a ƙasar Hungary suka je suka gwada ta, an kira mata sunayen kayan wasa 59, ta ɗauko 54 daidai. Wannan shi ne abin da ya kai su gidan. Amma suna cikin duba bidiyon gwaje-gwajen da suka yi mata ita da wasu karnuka irinta, sai idonsu ya riƙa faɗawa kan wani abu da ba shi suka je nema ba. Da zarar mai kare ya ambaci sunan abin da yake so a kawo, sai karen ya tsaya cak, ya langaɓe kai gefe guda, kunne ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya ɗan jima haka kamar ƙiftawar ido biyu ko uku, sannan ya zabura ya tafi ɗauko kayan.

Duk wanda ya taɓa ajiye kare, na gadi ne ko na farauta, ya san wannan kallon. Mutane sun daɗe suna faɗin dalilinsa, wasu su ce kunne yake gyarawa, wasu su ce fuskar mai magana yake son gani da kyau, wasu su ce neman a shafa shi yake yi. Abin da ya sa lamarin Budapest ya cancanci a zauna a kansa shi ne, a nan aka ƙirga. An san lokacin da kare ya karkata kai, an san abin da aka faɗa masa, an kuma san ko ya fahimci abin ko bai fahimta ba.

Yadda aka tsara gwajin

Karnuka 40 aka yi aikin da su. Bakwai daga cikinsu masu baiwar riƙe sunaye ne irin Whisky, sauran 33 kuwa karnukan gida ne na yau da kullum. Aka ba kowane mai kare sababbin kayan wasa guda biyu, kowanne da sunansa, aka ce ya riƙa wasa da karensa da su yana maimaita sunayen, har tsawon wata uku. Duk wata ana gwada su.

Tsarin gwajin ba shi da wuya, amma akwai dabara a cikinsa. Ana ajiye kayan wasan a wani ɗaki dabam, inda mai kare ba ya ganinsu. Shi da karen suna wannan ɗakin, sai ya ce, misali, a kawo igiya. Karen ya fita, ya zaɓa, ya dawo da abin a baki. Dalilin raba ɗakin shi ne kare gwanin karanta jikin mutum ne. In kayan suna gabanka, ko ba ka nufa ba idonka zai kai kan wanda kake so, kafaɗarka za ta ɗan juya, karen kuma zai gani. Da aka raba ɗaki, ba abin da ya rage wa karen sai kalmar da ya ji. Tunda kuma kayan biyu ne, karen da bai san komai ba zai dace sau ɗaya cikin biyu ta hanyar canki kawai. Saboda haka sai wanda ya wuce rabi sosai, a kai a kai, za a ce ya san sunan.

Karnuka 33 ɗin nan ba su wuce canki ba. Wata uku ana faɗa musu sunaye biyu, ba su kama ba. Wannan ba abin kunya ba ne a wajen kare, haka yawancinsu suke: suna koyon umarni irin su zauna, zo, tafi, amma haɗa suna da wani abu na musamman ba kowane kare ke iya shi ba. Bakwai ɗin kuwa sun kama sunayen ba tare da wahala ba.

Sai aka koma kan bidiyo, aka riƙa duba ɗan lokacin nan tsakanin fara maganar mai kare da tashin karen. A kowane kira ana rubuta ko ya karkata kai ko bai karkata ba, in ya karkata kuma wane gefe. Sakamakon da Andrea Sommese da Claudia Fugazza da Ádám Miklósi da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Animal Cognition a 2021 shi ne: masu baiwar sun langaɓe kai a kashi 43 cikin 100 na kiran da aka yi musu, sauran kuwa a kashi 2 cikin 100 kacal.

Wannan tazara ba ƙarama ba ce. Murya iri ɗaya, umarni iri ɗaya, ɗaki iri ɗaya. Abin da ya raba su kawai shi ne, ga waɗancan bakwai kalmar tana nufin wani abu, ga sauran kuwa ƙara ce ta fito daga bakin mutum.

An ƙara lura da abu na biyu. Da aka ci gaba da bin masu baiwar a wasu gwaje-gwajen, watanni bayan na farko, sai aka ga kowane kare yana da gefensa. Mai karkatawa dama, dama yake yi, mai hagu kuma hagu, kamar yadda a cikin mutane ake samun bahago da mai dama. Kuma ko mai karen yana gabansa ne ko yana gefe, bai canza gefen da karen yake karkatawa ba. Wannan ɗan bayanin na biyu, a ganina, ya fi na farko nauyi, domin da shi za a auna sauran dalilan da ake faɗa.

Maganar kunne

Bayanin kunne yana da tushe na gaskiya, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Dabba tana gane inda sauti ya fito ne ta hanyar kwatanta abin da kunnuwanta biyu suka ji. Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa. In tsakanin kunnuwan kare akwai santimita 15, sautin da ya fito daga dama sosai zai riga isa kunnen dama da abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ƙwaƙwalwa tana iya auna wannan ɗan bambancin, tana kuma auna wane kunne ne ya ji da ƙarfi. Matsalar tana zuwa ne in sautin ya fito daga tsakiya: gaba sak, ko sama, ko ƙasa, ko baya. A nan kunnuwan biyu suna ji a lokaci guda, babu abin kwatantawa. In dabba ta karkata kai, kunne ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, bambancin da babu shi ɗazu sai ya samu, ta gane ko daga sama abin yake ko daga ƙasa. Akwai nau'in mujiya da aka halitta da kunne ɗaya sama da ɗaya, kamar an karkata mata su tun asali, shi ya sa take kama ɓera cikin duhu da ji kawai.

Kare ya fi mu jin siririn sauti, yana kaiwa wajen girgiza 45,000 a daƙiƙa, mu kuwa muna tsayawa wajen 20,000. Amma wajen nuna daidai inda sauti yake, mutum ya fi shi nesa ba kusa ba. Mutum yana raba sauti biyu da ke tsakaninsu digiri ɗaya ko biyu, kare sai sun kai wajen digiri 8. Don haka in ka ga karenka ya karkata kai ga kukan wayar da aka tura ƙarƙashin tabarma, ko ga motsin ɓera a rufin ɗaki, kana ganinsa yana juya kan nan dama da hagu, kunnuwa na motsi, to neman wurin yake yi. Wannan karkatawar ta kunne ce.

Amma a ɗakin gwajin nan babu abin nema. Mai maganar yana zaune a gaban karen, karen yana kallonsa. Da neman inda murya take ne, da karnuka 33 ɗin ma sun yi, tunda su ma kunne biyu gare su. Da kuma gefen karkatawar ya bi inda mutumin yake zaune. Bai bi ba.

Maganar dogon baki

Bayani na biyu na Stanley Coren ne, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar British Columbia da ke Kanada, wanda ya daɗe yana rubutu a kan karnuka. Ya ce ka dunƙule hannunka ka ɗora a kan hancinka, sannan ka kalli fuskar wani. Za ka ga dunƙulen ya tare maka ƙasan fuskarsa, wato baki da haɓa. Ka ɗan karkata kai, sai bakin ya bayyana. A ganinsa haka dogon bakin kare yake tare masa, shi kuma yana son ganin bakin mai magana, domin a nan ake gane fara'a da ɓacin rai. A 2013 ya tambayi masu karnuka 582. Cikin masu karnuka masu dogon baki ko matsakaici, kashi 71 cikin 100 sun ce karensu yana yawan karkata kai in ana masa magana. Cikin masu karnuka masu shafaffiyar fuska, kashi 52 ne.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a duba da kyau. Abin da masu karnuka suka tuna ne aka tattara, ba abin da aka gani aka ƙirga ba, mutum kuma yakan tuna abin da ya burge shi fiye da yadda ya faru. Sannan fiye da rabin karnukan da kusan ba su da bakin da zai tare musu komai su ma suna yi. A binciken Budapest kuwa, cikin karnuka 33 da ba su karkata kai ba akwai Boda Koli da dama, masu baki iri ɗaya da na Whisky. Bakin bai sa sun karkata ba. Iyakar abin da zan yarda da shi shi ne dogon baki yana iya ƙara wa abin yawa, amma ba shi ke tayar da shi ba.

Abin da ya rage

In an cire kunne an cire ido, abin da ya rage a wannan lamarin shi ne abin da ke gudana a ƙwaƙwalwa. Masu binciken sun fassara shi da cewa karkatawar tana tafiya tare da sauraron kalma mai ma'ana. Karen ya ji "igiya", igiyar ba ta gabansa, tana wani ɗaki. Dole ya ɗauko siffarta daga abin da ya adana, ya haɗa ta da sautin, kafin ya tashi. A daidai wannan gaɓar kan yake langaɓewa. Mu ma muna da irinsa. Ka tambayi dattijo shekarar da aka yi wani abu, sai ka ga ya ɗaga ido sama ya ɗan kwantar da kai, ba don amsar tana rufin ɗaki ba.

Cewa kare yana iya riƙe sunaye da yawa ba sabon labari ba ne. A 2004 Juliane Kaminski da abokan aikinta sun wallafa labarin Rico, wani Boda Koli a Jamus da ya san sunaye fiye da 200. Bayansa aka yi Chaser a Amurka, wadda John Pilley ya koya wa sunaye 1,022. A Budapest ɗin dai, a 2016, Attila Andics da tawagarsa sun horar da karnuka 13 su kwanta shiru cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka ga cewa ƙwaƙwalwarsu tana bambanta kalmar yabo da suka sani da salon muryar da aka faɗe ta da shi, kuma sashen jin daɗi ya fi motsawa in an haɗa biyun, kalmar yabo cikin muryar yabo. Wato akwai aikin da ake yi a kan kalmar kanta, ba a kan murya kaɗai ba. Binciken karkata kai ya ƙara cewa wani lokaci ana iya ganin alamar wannan aikin daga waje.

Sai dai kada a ɗora wa lamarin kayan da ya fi ƙarfinsa. Karnuka bakwai ne kawai, kuma masu binciken da kansu sun kira aikin nasu na share fage. Yanayi ɗaya aka duba, wato kiran sunan abin wasa. Ko masu baiwar ma, a fiye da rabin kiran ba su karkata ba, kuma sun ɗauko kayan. Saboda haka ba za a ce sai an karkata ake fahimta ba. Ba kuma za a ce karen da ke yawan langaɓe kai ya fi sauran basira ba, kuskuren da mutane da yawa suka yi da labarin ya bazu. Karnuka 33 ɗin ba su yi ba ne a kan sunayen da ba su ɗauke su a bakin komai ba. Mai yiwuwa su yi in sun ji kalmar da ta shafe su, kamar ta abinci ko ta fita.

Akwai kuma hannun mutum a ciki. Kare ya karkata kai, mai shi ya yi dariya, ya shafa shi, ya jefa masa ɗan ƙashi. Duk halin da aka saka wa da alheri yana ƙaruwa. Bayan 'yan watanni sai karen ya riƙa yi da zarar an dube shi. Irin wannan ana gane ta: ba ta jiran wata kalma, kuma idon karen yana kan hannunka ne.

Wanda yake da kare yana iya rarrabe waɗannan da kansa. Ka zaɓi kalmomi biyu da ka tabbata ya sani, misali wadda kake faɗa in za ka ba shi abinci da wadda kake faɗa in za a shiga daji. Ka ƙara biyu da bai taɓa ji ba, masu tsawo iri ɗaya. Ka tsaya a gabansa hannu a baya, ba kwano ba sanda, ka faɗe su da murya iri ɗaya, a cakuɗe, sau ɗaya ko biyu a rana don kada ya gaji. Wani ya ɗauki bidiyo da waya, domin ido yana ganin abin da yake so ya gani. Bayan mako biyu ka ƙirga. Ka kuma sauya wurin tsayuwarka, yau dama gobe hagu, ka ga ko gefen yana binka.

Karkatawar da ba ta sauraro ba

Akwai wata langaɓewar kai da ba ta da alaƙa da duk abin da aka faɗa, kuma ita ce ta fi damuna, domin mai kare yana iya kwana biyu yana mata dariya. Ta sauraro tana zuwa ne da dalili, ta ɗauki daƙiƙa ɗaya zuwa 'yan kaɗan, kan ya koma daidai. Ta ciwo ba ta tafiya. Karen yana cin abinci kai a karkace, yana tafiya a karkace, ba kowa a wurin ma a karkace yake.

Tushenta can cikin kunne ne, inda gaɓar daidaita tsayuwar jiki take. In gefe ɗaya ya samu matsala, ƙwaƙwalwa tana karɓar saƙo biyu masu saɓani, sai karen ya ji kamar ƙasa ta jirkice. Yawanci kan yana karkata ne zuwa gefen da ciwon yake. Za ka ga yana tangaɗi, yana faɗuwa ko yana zagaye zuwa wannan gefen, wani lokaci da amai saboda jiri. Alamar da ta fi fitowa fili tana ido: ka riƙe kansa ka duba, za ka ga ƙwayar idon tana zamewa a hankali zuwa gefe ɗaya tana fizgowa da sauri, ba tsayawa.

Abin da ya fi kawo ta shi ne ciwon kunne da ya nutsa ciki. Ramin kunnen kare ba miƙaƙƙe ba ne, yana sauka ƙasa sannan ya lanƙwasa ciki, shi ya sa danshi da datti suke maƙalewa. Kafin ta kai ga karkata kai, yawanci an yi kwanaki karen yana kaɗa kai yana sosa kunne, kunnen yana wari ko yana fitar da mugunya. A tsofaffin karnuka kuma akwai wadda ke zuwa dare ɗaya ba tare da an gano dalili ba. Tana da ban tsoro a ranar farko, amma takan fara sauƙi cikin kwana uku, ta lafa cikin mako biyu zuwa uku, ko da yake wasu suna ci gaba da ɗan karkacewa har ƙarshen rayuwarsu. Magani ma yana jawo ta. Filajil, wanda mutane ke saya su ba kare mai zawo, in an yi yawa ko an daɗe ana ba shi yana taɓa ƙwaƙwalwa ya kawo tangaɗi da rawar ido, kuma yawanci ana warkewa in an daina. Maganin ɗigawa a kunne mai ɗauke da jentamaisin yana iya lalata kunnen ciki in dodon kunnen ya riga ya fashe, abin da ba a gani sai likitan dabbobi ya leƙa da abin haska kunne. Don haka kada a ɗiga komai a kunnen karen da kansa ya riga ya karkace, ko mai ko magani, kafin a duba shi.

In tare da karkacewar akwai kasala mai yawa, ko raunin ƙafafun gefe ɗaya, ko ƙwayar ido tana motsi sama da ƙasa maimakon gefe da gefe, to matsalar ta fi kama da ta ƙwaƙwalwa, ba a kwana da ita. In kuwa halin karen ya sauya, yana dalalar da miyau, yana kasa haɗiya ko yana kai cizo, musamman wanda ba a yi wa allurar haukan kare ba, kada kowa ya riƙe kansa don duba ido. A killace shi inda yara ba sa kaiwa, a kira likitan dabbobi ya zo ya same shi a nan.